Kwantena ba ta cika ba, amma an ce ta yi nauyi: abin da ya sa ake mayar da kaya daga ƙofar tasha

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin sito a Dawanau ana lodin riɗi ya san wannan gardamar. Mai kaya zai leƙa cikin kwantena mai ƙafa 40, ya ga fili ya rage wajen ƙofa, ya ce da 'yan dako su ƙara buhu arba'in, tunda kuɗin mota ɗaya ne, kuɗin jirgi ma ɗaya ne. Da ido, gaskiyarsa ce. Fili kam akwai. Sai motar ta ci kwanaki a hanya, ta shafe sama da kilomita dubu, ta isa tashar jiragen ruwa ta Legas, ta hau sikeli, a ce kwantenar ba za ta shiga ba. A nan ne mai kaya ke fara zargin ejan, ejan na zargin direba, direba na rantsuwa cewa ko tsinke bai ƙara ba.

Abin da na lura da shi a wannan harka shi ne, yawancinmu lamba ɗaya muka sani game da nauyin kwantena, wato wadda aka rubuta a jikin ƙofa. Ita kuwa tasha tambayoyi uku take yi. Nauyin ya wuce ƙarfin akwatin? Nauyin da aka rubuta a takarda ya yi daidai da na sikeli? A ina nauyin ya zauna cikin akwatin? Kwantena na iya tsallake biyu ta faɗi a ta uku, kuma ta ukun ce aka fi jahilta.

Bari mu fara daga ƙofar. A jikin ƙyauren dama na kowace kwantena akwai rubutu da manyan baƙaƙe. MAX GROSS shi ne iyakar nauyin akwatin da kayan cikinsa a haɗe. TARE nauyin akwatin ne babu komai a ciki. Abin da ya rage idan an cire na biyu daga na farko shi ne kayan da aka yarda ka zuba, ana rubuta shi NET ko PAYLOAD. A ɗaya ƙyauren kuma akwai wani ɗan farantin ƙarfe da aka buga da ƙusa, mai ɗauke da CSC SAFETY APPROVAL, wanda ya samo asali daga yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta 1972 kan lafiyar kwantenoni. Wannan faranti shi ne shaidar cewa an gwada akwatin, kuma lambar da ke kansa ita doka ta sani.

Ga abin da ke ba mutane mamaki. Kwantena mai ƙafa 20 da mai ƙafa 40, galibi iyakarsu ɗaya ce: kilo 30,480. Babbar ta ninka ƙaramar a fili, domin cikinta ya kai kusan kubik mita 67, ƙaramar kuwa kusan 33, amma ba ta fi ta ƙarfin ɗauka ba. Hasali ma ƙaramar ta fi ɗaukar kaya mai nauyi, saboda jikinta bai wuce kilo 2,200 zuwa 2,300 ba, ita kuwa babbar tana kaiwa wajen 3,750. Ka cire, za ka ga ƙaramar na da izinin kaya sama da tan 28, babbar kuwa kilo 26,730 ne kacal. Akwai kwantenonin da aka ƙera da iyakar kilo 32,500, suna da yawa yanzu, shi ya sa ba a yin lissafi da ka. Wadda aka kawo maka ƙofar sito, ita za ka karanta.

Riɗi ya dace da bayanin nan ƙwarai, domin yana tsakiya ne, ba shi da sauƙin zoɓo, ba shi da nauyin dutsen ma'adinai. Idan ka cika mai ƙafa 20 da buhunan riɗi masu kilo 50 har rufi, abin da za ta ci bai wuce buhu 380 ba, tan 19 ke nan. Fili ya ƙare tun nauyi bai zo kusa da iyaka ba, saboda haka da wuya ka ji an mayar da ƙaramar kwantenar riɗi don nauyi. Mai ƙafa 40 kuwa akasin haka take. Da za a cika ta har rufi, za ta haɗiye abin da ya kai tan 38, alhali izininta bai kai 27 ba. Nauyi ke ƙarewa kafin fili. Wato dole ne kwantenar riɗi mai ƙafa 40 ta tafi da kusan kashi ɗaya cikin uku na cikinta babu komai, kuma wannan filin da ido ke gani shi ne tarkon. Mai zoɓo ba ya shiga wannan matsala, domin busasshen zoɓo ko an danna shi an cika babbar kwantena maƙil, nauyinsa bai fi rabin izininta ba.

Na taɓa tsayawa a kan wani lodi da ya koya mini wannan darasi da kyau. An shirya buhu 520, tan 26 cif a takarda. Da aka gama, mai kayan ya zo ya ga mita huɗu na fili wajen ƙofa.

Ya ce da shugaban 'yan dako, "Malam, wannan filin na wa za a bar wa? Ku kawo sauran arba'in ɗin nan na cikin sito."

Shugaban 'yan dakon, dattijo ne da ya daɗe a harkar, ya ce, "Ranka ya daɗe, shiga kam za su shiga. Amma sikelin can ba ya duba fili."

"Ai an rubuta ashirin da shida. Wa zai buɗe ya ƙirga?"

Aka ƙara. Ni ma ban yi tsayin dakan da ya kamata in yi ba, kuma har yau abin na damuna. Lissafin kuwa ga shi. Buhu 560 sau kilo 50, kilo 28,000. Amma buhun kasuwa ba ya tsayawa a hamsin cif. Akwai nauyin buhun kansa, akwai ɗan ƙarin da masu awo ke yi don gudun a ce kaya ya ragu a can. Idan kowane buhu ya hau da rabin kilo, buhu 560 sun ba da ƙarin kilo 280. Takardar kwali da ake shimfiɗawa a ƙasa da bango, da jakunkunan da ake ratayawa su shanye laima, sun kai wajen kilo 50. Ka haɗa da jikin akwatin, 3,750, jimilla ta zama kilo 32,080. Farantin ya ce 30,480. An wuce da kilo 1,600. Takardar da aka aika wa kamfanin jirgi kuwa ta ce 29,750, bambancin ya haura tan biyu. Kwantenar ta faɗi a tambaya ta farko, ta faɗi a ta biyu. Babu wanda ya buƙaci buɗe ta.

To me ya sa tasha ke tsaurarawa haka a kan tan ɗaya da rabi? Mutum zai ce ƙarfe ne, ai ba zai karye ba.

Kwantena ba a ƙasanta take zama ba. A kan kusurwoyi huɗu take zama, kuma ta kusurwoyi huɗu na sama ake ɗaga ta. Duk nauyin da ke ciki yana bi ta katakon daɓe, ya sauka a kan sandunan ƙarfe da ke gicciye a ƙarƙashi, su miƙa shi ga dogayen ƙarafa biyu na gefe da bangon, daga nan ya taru a ginshiƙai huɗu na kusurwa. A kan tirela akwai abin da ke tallafe da ita. A sama kuwa, lokacin da ƙugiyar tasha ta ɗaga ta mita talatin ko fiye, babu abin da ke ƙarƙashinta sai iska da mutane. Kuma ɗagawar ba a hankali take kamar ɗora tulu a kai ba. Akwai fizga lokacin tashi, akwai birki lokacin sauka, kowanne na ƙara wa ƙarfen nauyi fiye da abin da sikeli ya nuna. Sabuwar kwantena za ta jure. Wadda ta shekara goma sha biyar tana shan gishirin teku, tsatsa ta ci sandunan ƙarƙashinta, ita ce daɓenta ke ɓallewa kaya su zubo. Mai tuƙa ƙugiya ba shi da hanyar sanin wace ce wace, don haka ƙa'idar ta zama ɗaya ga kowa: abin da ya wuce lambar faranti ba ya hawa jirgi. Wannan ba abin da ake roƙo a kai ba ne, kuma babu tarar da za a biya ta halatta shi.

Injinan tashar ma suna da tasu iyakar. Babbar motar nan mai dogon hannu da ke jera kwantenoni a fili, yawancinsu tan 45 suke ɗagawa idan akwatin na layin farko, kusa da tayoyinsu. Idan ta miƙa hannu zuwa layi na biyu, ƙarfinta na sauka zuwa wajen tan 30. Direbanta yana aiki ne da lambar da ya gani a na'ura. Idan na'ura ta ce masa 24 alhali 32 ne, ya miƙa hannu da nisa, tayoyin baya ne za su tashi. Haka manyan ƙugiyoyin bakin ruwa da ke ɗaga ƙananan kwantenoni biyu a lokaci guda: an haɗa su ne bisa lissafin takarda, idan duka biyun sun yi ƙarya, na'urar tsaro ta tsayar da ƙugiyar, aikin jirgi gaba ɗaya ya tsaya.

Amma babban dalilin yana cikin jirgin ne, kuma shi ya haifar da tambaya ta biyu.

Kafin jirgi ya iso, akwai ma'aikacin da ke zaune gaban kwamfuta yana tsara inda kowace kwantena za ta zauna. Bai taɓa ganin kwantenarka ba, ba zai kuma gan ta ba. Lamba kawai yake gani. Masu nauyi yana sa su ƙasa, marasa nauyi a sama, yana daidaita dama da hagu, gaba da baya, don kada jirgi ya karkata ko tsakiyarsa ta sha wahala a kan igiyar ruwa. Kowane jeri da aka ɗora a saman jirgi yana da iyakar nauyin da zai ɗauka, sandunan ɗaure shi ma an lissafa su ne bisa cewa na saman ba su da nauyi. A farantin nan na ƙofa za ka ga wata lamba, sau da yawa kilo 192,000: nauyin da aka yarda a ɗora a kan akwatin ke nan, an riga an yi la'akari da jijjigar teku. Ka raba da 30,480, za ka ga cikakkun kwantenoni shida ne. Idan aka ce da mai tsarawa kwantena tan 12 ce ya kai ta can ƙololuwa, alhali tan 28 ce, to duk lokacin da jirgi ya yi tangaɗi, tana jan jerin kamar mutumin da ya ɗaura dutse a kan doguwar gora yana kaɗawa. Sanduna su tsinke, jeri ya rushe, kayan mutanen da ba su ji ba ba su gani ba su faɗa teku.

An daɗe ana zargin haka ba tare da hujja a hannu ba, sai da haɗarin jirgin MSC Napoli ya faru a watan Janairun 2007. Guguwa ta tsaga jikinsa a mashigin ruwan da ke tsakanin Ingila da Faransa, aka ja shi aka kafe shi a gaɓar Branscombe da ke Ingila. Da aka sauke kayan, masu bincike na Birtaniya suka samu damar da ba a cika samu ba: suka auna kwantenoni 660 da ke saman jirgin waɗanda ruwa bai shige su ba. Guda 137, wato kusan ɗaya cikin biyar, nauyinsu ya saɓa wa takarda da fiye da tan uku. Akwai wadda bambancinta ya kai tan 20. Jimillar waɗannan 137 ta ɗara abin da aka rubuta da tan 312. Binciken bai ce wannan kaɗai ya karya jirgin ba, amma ya nuna a fili cewa lambobin da ake tsara jirage da su ba abin dogaro ba ne.

Daga nan aka yi shekaru ana tattaunawa a Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Ruwa ta Duniya, har aka yi wa yarjejeniyar kare rayuka a teku, wato SOLAS, gyara. Tun daga 1 ga Yulin 2016, babu kwantenar da za ta hau jirgin ƙasa da ƙasa sai mai kaya ya ba da tabbataccen nauyinta da sa hannunsa, abin da ake gani a takardu da sunan VGM. Alhakin na kan wanda sunansa ke takardar jirgi a matsayin mai aikawa, ba direba ba, ba 'yan dako ba. An kuma hana kyaftin da tasha su ɗora akwatin da ba shi da wannan lamba. Shi ya sa ma'aikacin ƙofa ba zai iya yi maka alfarma ba ko yana so.

Hanya biyu aka yarda da su. Ta farko, a gama lodi, a rufe, a auna kwantenar gaba ɗaya a sikelin da hukuma ta tantance. Ta biyu, a auna duk abin da zai shiga ɗaya bayan ɗaya, har da katako da kwali da igiya, a haɗa da TARE na jikin ƙofa. Ƙiyasi ba ya cikin hanyoyin. Ninka yawan buhu da hamsin ƙiyasi ne, ko da an rubuta shi a takarda mai tambari. A ganina mai kayan gona ya riƙe hanya ta farko kawai, domin buhu ɗari biyar ba sa taɓa zama daidai, kuma riɗi ko citta na iya shan laima ko su ƙara bushewa tsakanin ranar awo da ranar lodi.

Ita ma hanya ta farkon tana da ramukanta. A wajenmu ana auna mota ne da kwantenar a kai, sau biyu: kafin lodi da bayansa, a cire, a ƙara nauyin akwatin. Idan direba ya sha gas lita 400 tsakanin awon biyu, ya ƙara maka fiye da kilo 330 da ba kayanka ba ne. Idan yaran mota biyu suna ciki a awo na biyu amma sun sauka a na farko, ga wani kilo ɗari da wani abu. Idan tirelar ta fi sikelin tsawo aka auna ta rabi da rabi, sakamakon ba abin dogaro ba ne. Ana ɗaga ƙafa kan ɗan bambanci, amma yawansa ya danganta da ƙasa da kuma tasha. Birtaniya, alal misali, ta ɗauki kashi 5 cikin 100 a matsayin mizani. Wannan rangwamen kuwa na saɓani ne tsakanin takarda da sikeli, bai shafi iyakar faranti ba. Ita wannan ba ta da rangwame.

Yanzu a ɗauka mai kayan nan ya ji maganar dattijo, an tsaya a buhu 520. Nauyi ya zama wajen kilo 30,060, ƙasa da iyaka, an kuma rubuta gaskiya. Shin an tsira? Ba a tsira ba, saboda yadda aka jera su.

'Yan dako sun saba da ƙaramar kwantena, inda ake farawa daga bangon ciki a jera har rufi, a matso, a sake jerawa har a iso ƙofa. Haka suka yi wa babbar. Tsawon cikinta mita 12 ne, kuma tan 26 na riɗi idan an kai shi rufi mita 8 yake ci. Shi ne ya bar mita huɗun nan da suka ja hankalin mai kaya. Tsakiyar akwatin tana mita 6 daga bango, amma tsakiyar nauyin kayan tana mita 4. Ta goce da mita biyu. Kundin ƙa'idojin lodi da hukumar jiragen ruwa da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya da wata hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya suka fitar tare a 2014 ya ce kada gocewar ta wuce kashi 5 cikin 100 na tsawon akwatin. A mai ƙafa 40, santimita 60 ke nan. Ya kuma ba da ma'auni mai sauƙin riƙewa: kada rabin tsawon kwantena ya ɗauki fiye da kashi 60 na nauyin kayan. A wannan lodi, rabin ciki ya ɗauki mita 6 daga cikin 8 na kayan, kashi 75.

Ka duba abin da ƙugiya za ta ji. Daga tan 26 ɗin, kusan 17.3 zai rataya a kusurwoyi biyu na ɓangaren bango, 8.7 a na ɓangaren ƙofa. Ka raba nauyin akwatin gida biyu ka ƙara, ɗaya gefen ya haura tan 19, ɗayan bai kai 11 ba. Da an ɗaga, akwatin zai sunkuyar da kai. A cikin jirgi akwai ramuka masu dogayen ƙarafa da kwantena ke zamewa a tsakaninsu, tazarar ɗan yatsa ce kawai, kuma akwatin da ya karkace yana maƙalewa a ciki. Injinan zamani da yawa suna da na'urar da ke auna nauyin kowace kusurwa dabam, don haka tun ɗagawar farko daga kan tirela ake ganewa. Ko babu na'ura, gogaggen direba na ji a hannunsa, ya ajiye ta gefe.

Akwai kuma abin da ke faruwa a ciki, wanda ba a gani sai an buɗe. Bangon buhuna mai tsayin sama da mita biyu, babu abin da ya tokare shi, ba zai kai Lokoja a tsaye ba. Kowane rami, kowane hawa, yana zubo da na sama zuwa filin da aka bari. Buhuna su fashe, wasu su taru a jikin ƙofa, ranar da jami'in kwastan ko mai saye ya zare sakata, ƙyauren ya bugo shi da nauyin da ke bayansa. Kundin nan na 2014 ya ce gibin da aka bari a kwance, idan an haɗa shi duka, kada ya wuce santimita 15 sai an cike ko an tokare.

Gyaran ba ya cin ko kwabo, alli kawai yake buƙata. Tunda kayan kashi biyu cikin uku na cikin akwatin za su ci, to a shimfiɗa su daga bango har ƙofa a tsayin kashi biyu cikin uku. Tsayin ciki ya kusa mita 2.4, saboda haka a ja layi da alli a bango a mita 1.6, a ce da 'yan dako kada kowa ya wuce shi. Idan shimfiɗa ɗaya ta daɓen na cin buhu 65, hawa takwas ke nan, 520 cif. A riƙa saɓa jerin kamar ginin bulo don buhuna su riƙe juna, a kuma duba kada gefe ɗaya ya fi ɗaya tudu, domin a faɗi gocewar da aka yarda da ita santimita 12 ce kawai. Filin da zai rage ya koma sama, inda ba ya cutar da kowa, nauyin kuma ya sauko ƙasa.

Saukowar nan tana da muhimmanci a kan titi fiye da a teku. Kwantenar da aka tula kaya har rufi, ko aka sa masu nauyi a kan marasa nauyi, ita ce ke kifar da tirela a kwana ko a hawan gada. Mutanen Legas ba su manta da gadar Ojuelegba ba, inda a ƙarshen Janairun 2023 kwantena ta faɗo kan motar haya ta kashe mutum tara. Irin wannan haɗari yana da dalilai da yawa, har da lalacewar mota da rashin ɗaure makullan kusurwa, amma direban da aka ba akwati a rufe da hatimi bai san inda nauyinsa yake ba, sai kwana ta gaya masa.

Ga masu injina da duwatsu akwai wani salon matsalar. Daɓen kwantena an yi shi ne don nauyin da aka baza. Ma'aunin da kamfanonin jirage suka saba bayarwa shi ne wajen tan 4.5 a kowace mita ta tsawo a ƙaramar kwantena, tan 3 a babbar. Injin niƙa mai tan 9 wanda gindinsa mita 2 ne, idan aka ajiye shi tsakiyar mai ƙafa 40, yana danna tan 4.5 a kowace mita. Jimillar nauyi ba ta kai ko rabin iyaka ba, amma daɓen zai lotsa. Sai an shimfiɗa masa manyan katakai a tsaye da tsawon akwatin, aƙalla mita 3, kafin a ɗaure shi. Mai duba kwantena a ƙofar tasha yana durƙusawa ya leƙa ƙarƙashi, idan ya ga sanduna sun lanƙwaso ko bango ya kumbura, magana ta ƙare.

Sannan titi na da tasa dokar, wadda ba ruwanta da farantin ƙofa. 'Yan kasuwar Maraɗi da Damagaram da ke ɗauko kaya daga tashoshin gaɓar teku sun san doka mai lamba 14 da ƙasashen yammacin Afirka masu amfani da sefa suka amince da ita a 2005: tan 11.5 a kan sandar tayoyi guda mai tayoyi biyu-biyu, tan 51 ga tirela mai sanduna shida, mota da kaya a haɗe. Ƙaramar kwantenar tayil mai tan 27 halal ce a jirgi, amma idan aka ɗora ta can gaba ko can baya a kan tirela, sanda ɗaya za ta wuce iyaka ko da jimillar ba ta wuce ba. Biyu irinta a mota ɗaya kuwa sun haura 51 tun ba a sa nauyin motar ba.

Kwantenar nan tamu mai buhu 560 ta fita daga layi. Aka nemi wurin da aka amince a buɗe kayan fitarwa, aka jira jami'ai, aka yanke hatimi a gabansu. An sauke buhu 40, amma da aka buɗe ƙofa an tarar da jerin baya ya zube, wasu buhunan sun fashe, don haka sai da aka fito da kusan rabin kayan aka sake shimfiɗa su daga bango zuwa ƙofa. Sabon hatimi na nufin sabuwar lamba, sabuwar lamba na nufin gyaran takardu a wajen kwastan da kamfanin jirgi. Kafin a gama, lokacin karɓar kayan wancan jirgin ya wuce. Direba na lissafin kuɗin kwana, kamfanin jirgi na lissafin kwanakin da akwatinsa ya ƙara a hannunmu, mai saye a can yana tambayar dalilin jinkiri. Buhu arba'in ɗin kuwa ba a iya mayar da su Kano ba, saboda kuɗin mota ya fi ribarsu. A nan Legas aka sayar da su, ƙasa da yadda aka saye su a Dawanau.